Me ya sa mai gyara ya ƙi yanka mini kuɗi daga hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya da Golf 3 wagon tsakanin Gumel da Maigatari. Ranar kasuwa wata a-kori-kura ta doke ni a gaba ta ɓangaren direba. Mai motar ya amsa laifi, mai unguwa ya ce in kawo adadin kuɗin gyara a biya ni a wuce wurin. Na tura wa fanel bita hoto ta WhatsApp, ya ce ba zai faɗi kuɗi ba sai ya ga mota. Wayo yake so ya yi mini, ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye na gaba. Ka riƙe wannan mai gyaran da kyau, domin da mai wayo ne da tuni ya jefo maka kuɗi don kada ka kuɓuce masa.

Duk wanda ya yanka kuɗi daga hoto, ɗayan biyu yake yi. Ko dai ya tsuga kuɗi don ya rufe abin da bai gani ba, ka biya gyaran da wataƙila babu shi, ko ya faɗi kaɗan don motar ta shigo garejinsa. Na biyun ya fi yawa, ya kuma fi ciwo. In an kwance gaba aka tarar da ɓarnar ta fi kuɗin, sai dai ya dawo yana neman ƙari alhali motarka tana warwatse a ƙasa, ko ya yi shiru ya cike ramin da fila ya fesa fenti, ka tafi kana murna. A halin da kake ciki abin ya fi haka haɗari, don in ka karɓi kuɗi a gaban mai unguwa aka yi addu'a aka tashi, ba ka da bakin komawa ka ce ashe lagireto ma ya fashe.

Hoto fata kawai yake nunawa. Bambar Golf roba ce a waje, a bayanta akwai ƙarfe. In aka doki robar takan lotsa ta dawo da kanta, a ga ɗan ƙarzuwa kawai, amma ƙarfen da ke ciki ya lanƙwashe ya tsaya a haka. Shi kuma ƙarfen a kan bakin shasi aka ɗaure shi. Golf ba ta da shasi daban irin na a-kori-kurar da ta doke ka. Ƙarafa biyu da suka miƙe ta dama da hagun inji haɗe suke da jikin motar, kuma su ke ɗauke da ƙarfen da gindin inji na gaba yake zaune a kai. Duka a kusurwar gaba na iya tura ɗayansu baya ko gefe. A wannan kusurwar ta hagu kuma akwai mazaunin batir, ga lagireto da fankarsa a kusa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai fito a hoton da aka ɗauka bonet a rufe.

Ko lotsewar da ke waje ma hoto ba ya faɗin zurfinta. Farar mota a tsakar rana takan fito sumul, WhatsApp kuma ya ƙara matse hoton. Mu masu gyaran jikin mota da tafin hannu muke karanta lotsewa. Wadda ta shiga kamar kwano, ba ta yi kaifi ba, ana bugo ta ta baya ta dawo. Wadda ta yi karyi mai kaifi, musamman a kan layin jikin mota, ƙarfen wurin ya riga ya miƙe ya ƙara faɗi, ko an bugo shi ba zai kwanta ba sai an gasa da wuta an tsuke shi, aikin da yake cin lokaci ninki biyu ko fiye. Sannan akwai tarihin motar. Golf 3 da ke kan hanya yau ta haura shekara 25, kuma da wuya ka sami ta haya da ba a taɓa yi wa aiki a gaba ba. Sau da yawa guduma ɗaya za ka sa, sai tsohuwar fila mai kaurin yatsa ta ɓantaro, ka tarar da tsatsa ta cinye ƙarfen ƙarƙashinta har ya huje. Wannan fenda ba ta bugawa, sai canji. Ƙaramin maganaɗisu yana tona asirin nan, domin yana kama ƙarfe, amma in ya zo kan fila mai kauri sai ya saki.

Bari mu ɗauki motarka. A hoto za a ga abu uku: fenda ta lotse, fitila ta fashe, bamba ta saki. In iyakar ɓarnar ke nan, aikin mai sauƙi ne. Fendar gaba da kusoshi aka ɗaure ta, a kwance a sa ta Beljiyam ko a buga wannan, a sa fitila, a gyara kunnen bamba, a yi fenti. Amma in bakin shasi ya matsa, sabuwar fendar ba za ta hau ba, ramukan kusoshi ba za su haɗu ba, bonet zai ƙi kullewa daidai. Sai an sauke gaban gaba ɗaya har da lagireto, an ɗaure motar an ja ƙarfen da sarƙa da jak ana aunawa, wani lokaci a yi walda. In kuma dukan ya sami taya, bakanike ya shigo ke nan: tayarod, ƙarfen ƙasa da ke riƙe da taya, ko shokozoba, daga nan a yi alaimen. Hoto ɗaya ne, amma kuɗin na biyun yakan ninka na farkon, kwanakin zaman mota a gareji ma haka. Kai da kake cin abinci da motar, kwanakin nan ma kuɗi ne.

Kafin ka je ko'ina akwai abin da za ka iya dubawa a ƙofar gida. Ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka miƙe sitiyari. Ka sa yatsu tsakanin tayar gaba da bakin fenda ta baya, wajen ƙofa, ka kwatanta da ɗaya ɓangaren. In dama ta ɗauki yatsu huɗu, hagu ta ɗauki biyu, tayar ta ja baya. Ka tabbatar da tef ɗin tela ko igiya: daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, dama da hagu. Bambancin da ya kai santimita ɗaya abin dubawa ne. Ka buɗe ƙofar direba a hankali ka ji ko tana gogar fenda ko sai an ɗaga ta take rufuwa. Ka ɗaga bonet ka haska ƙarfen da ke ƙarƙashin batir, inda fenti ya tsage ko ƙarfe ya yi tattara, nan ne dukan ya kai. Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji, da safe ka ga ko ruwa ko mai ya ɗiga.

Hotunan waɗannan wuraren su ne ke da amfani a tura, tare da gajeren bidiyo da aka ɗauka da safe ko bayan la'asar, daga gefe, lokacin da haske ke kwanciya a jikin mota. Ba don a faɗi kuɗi ba. Amfaninsu mai gyara ya gaya maka ko motar za ta iya zuwa da ƙafarta ko sai an ja ta. In ruwa yana zuba, ko fanka tana taɓa lagireto, ko taya tana gogar jiki, kada ka kuskura ka ce bari in lallaɓa zuwa Kano. Inji ya yi zafi ya ƙona gasket a hanya, wannan asarar babu wanda zai yarda ta shiga lissafin hatsarin.

To me za ka tambaya a maimakon "nawa ne"? Fara da: nawa za ka karɓa ka kwance bamba da fitila da fenda ka duba, ko da ba a wurinka zan yi aikin ba? Aikin awa ɗaya ne zuwa biyu, kuma in ka biya shi daban kana da 'yancin ɗaukar motarka ka kai wani wuri. Wasu sukan ce za su cire shi daga kuɗin aiki in an daidaita, wannan adalci ne.

Bayan an buɗe, ka tsaya a wurin ya nuna maka da yatsa, ka tambaye shi wanne za a canza, wanne za a buga, kuma me ya sa. Ka tambayi irin kayan da zai sa, na Beljiyam ne ko sabo ɗan kamfani ko na kwaikwayo, don fitila ɗaya tana da farashi uku, kuma fendar kwaikwayo ƙarfenta siriri ne, sai an yi ta fama kafin ta zauna. Ka nemi ya raba maka lissafin a takarda: kuɗin kaya, kuɗin hannu, kuɗin fenti, da na bakanike in akwai. Kuɗin hannu shi ne ake iya yin jinga a kai. Na kaya yana bin kasuwa, abin da aka faɗa yau a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ba lallai ya kai mako mai zuwa ba, don haka ka tambayi kwana nawa lissafin zai tsaya. A fenti ka tambayi iyakar inda za a fesa. Ranar Jigawa ta riga ta dafe tsohon fentin, in fenda kaɗai aka fesa za ta fita daban da ƙofa da bonet. A motar haya mutane da yawa ba su damu ba, amma ka san abin da ka zaɓa tun farko.

Akwai tambaya ɗaya da mutane ke jin nauyin yi, ni kuwa ita na fi so a yi mini: kaurin filar da za ka sa ya kai nawa? Fila don share ƙananan gurabun guduma aka yi ta, kamar milimita 2 zuwa 3. In ta wuce nan sosai, an yi amfani da ita ne a madadin bugu, kuma gargadar hanyar ƙauye da zafin bazara za su tsaga ta. Ka ce kana so ka ga aikin bayan an gama bugu, kafin a shafa komai. Ku kuma yi sharaɗi cewa in wani abu ya sake ɓullowa a kira ka kafin a taɓa, tsofaffin kayan da aka cire a ajiye maka, a kuma faɗi ranar da mota za ta fita.

Game da mai unguwa, ka koma cikin ladabi ka ce: "Ranka ya daɗe, adadin ba zai fito ba sai an buɗe gaban motar. A ba mu kwana biyu." Ka roƙi mai a-kori-kurar ya zo garejin da kansa ko ya turo wakili, in yana so ya zo da nasa mai gyaran ma ya fi, don ya ga lanƙwasar da idonsa kada ya yi zaton an haɗa baki da kai. Ya fara biyan kuɗin buɗewa, da na jan mota in ta kama. Abin da za a rubuta a gaban shaidu shi ne jerin aikin da ya ɗauka, fenda, fitila, jan shasi in akwai, alaimen, sannan adadin ya biyo baya daga takardar mai gyara. In kana so a duba maka kwanakin da ba ka yi lodi ba, a wannan zaman za ka faɗa, a sa shi layi daban.