Zafi nawa ne ke sa murjani ya yi fari?

Tambaya: Malam, ina rubuta maƙala a kan koɗewar murjani. Wani littafi ya ce digiri 30 ke jawo ta, wani ya ce 32. Wanne zan ɗauka, kuma me ya sa wani murjanin ke farfaɗowa wani ba ya yi?

Amsa: Kada ka ɗauki ko ɗaya, domin kowane wuri da iyakarsa. Murjani dabba ce da ƙananan gansakuka ke zaune a cikin namanta, su ke ba ta launi da mafi yawan abincinta. In zafi da hasken rana suka yi yawa, gansakukan sai su fara fitar da sinadarai masu cutar da ita, ita kuma ta kore su. Naman ya zama garau, ana hango farin ƙashin alli ta cikinsa. Ba ta mutu ba tukuna, yunwa take ji. Wadda ta mutu za ka ga ciyawar ruwa mai yauƙi ta lulluɓe ƙashin.

Iyakar kuwa ita ce digiri 1 sama da matsakaicin zafin watan da ya fi zafi a wurin. Shi ya sa murjanin Tekun Fasha ke jure digiri 34, zafin da zai halaka na wasu tekunan.

Sannan daɗewar zafin ma abin dubawa ce. Hukumar NOAA ta Amurka, mai kula da teku da yanayi, na tara shi da ma'aunin DHW, wato digirin da zafi ya haura matsakaicin sau makonnin da ya yi, na makonni 12 da suka wuce. A ce matsakaicin wurin 29 ne. Ruwa ya yi mako 3 a digiri 31: 2 sau 3, wato 6. Ya ƙara mako 2 a 30.5: 1.5 sau 2, wato 3. Jimilla 9. Makon da ya tsaya a 29.6 ba a lissafa shi, tunda bai kai digiri 1 sama da 29 ba. A nan ɗalibai kan yi tuntuɓe: 29 ake cirewa daga zafin ruwan, ba 30 ba. In ma'aunin ya kai 4, a sa ran koɗewa. Daga 8 kuwa, mutuwa ce mai yawa.

Kan farfaɗowa, misalin da na fi so ka kawo shi ne tsibiran Seshels da ke Tekun Indiya. Zafin 1998 ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na murjaninsu. Cikin wurare 21 da aka bi diddigi, 12 sun dawo, 9 ciyawar ruwa ta mamaye su. Waɗanda suka dawo sun fi zurfi, suna da lunguna da ramuka, da 'ya'yan murjani masu yawa, da kifaye masu kiwon ciyawa da ke share wa sababbi wurin kamawa.

Amma ka bambanta jure zafi da farfaɗowa. Murjani mai rassa shi ke fara mutuwa, shi ke kuma saurin dawowa. Mai curi ya fi juriya, sai dai girmansa a hankali ne. Ko mai saurin yana buƙatar shekara 10 zuwa 15, alhali babban jerin murjanin Ostireliya ya koɗe a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024.