Shekara huɗu ba ni da aikin ofis: me zan ce wa mai intabiyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akanta ne. Na bar aiki a watan Maris na 2021 don jinyar mahaifina da ya samu shanyewar ɓarin jiki, har Allah ya karɓi abinsa a farkon 2024. Tun daga nan nake riƙe wa yayana lissafin shagonsa a Kantin Kwari. A intabiyun da na je kwanan baya wani ya kalle ni ya ce, "Shekara huɗu? Ka tabbata ba korar ka aka yi ba?" Nan take na daburce. Abokina ya ce in ja ranar barin aikin zuwa 2023. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da ka yi masa ta zame maka abin dogaro ranar gobe.

Malam, shawarar abokinka ka ajiye ta gefe. Ranar barin aiki tana cikin abubuwan da suka fi saurin tonuwa. Waya ɗaya zuwa ga jami'in ma'aikata na tsohon kamfaninka ta isa. Ban da wannan akwai asusun fanshonka. Dokar fansho ta 2014 ta sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, kamfani ya ƙara kashi 10, kuma takardar bayanin asusun tana nuna kowane wata da sunan wanda ya zuba. In kuɗin da ake lissafa maka fansho a kansa naira 150,000 ne, za a ga 27,000 tana shiga wata bi wata, sai ta tsaya cak a Maris 2021. Ba kowane kamfani ke neman wannan takarda ba, amma in aka nema ba ka da ta cewa. Kuma yawancin fom ɗin ɗaukar aiki suna da layin da za ka sa hannu cewa bayananka gaskiya ne, don haka ko bayan shekara biyu aka gano ana iya sallamar ka a kansa. Akantan da aka kama ya gyara kwanan wata, wa zai sake miƙa masa littafin kuɗi?

Wanda ya jefo maka tambayar nan ba tsawon shekarun ne ya dame shi ba. Abu uku yake son ji: ko ka bar wancan wurin da laifi, ko dalilin da ya fitar da kai zai sake fitar da kai bayan sun ɗauke ka, da ko hannunka ya yi sanyi a aikin. Ka gina amsarka a kan waɗannan, kada ta wuce minti ɗaya. Ko da Turanci za a yi intabiyun, tsarin bai canja ba:

"Na ajiye aiki da kaina a Maris 2021, na ba da sanarwar wata guda, ga kuma takardar amincewarsu. Mahaifina ne ya kwanta rashin lafiya, ni na ɗauki nauyin jinyarsa har ya rasu a 2024, saboda haka wannan nauyin ya sauka. Daga lokacin ina riƙe lissafin wani shagon yadi na yayana a Kantin Kwari: shigar kaya da fitarsu, bashin 'yan sari, da daidaita littafi da bayanin banki a ƙarshen wata. Yanzu a shirye nake in koma aiki na cikakken lokaci."

Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun shi ya fi ba mutane wuya. Mai tambaya zai sunkuya yana rubutu, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar fanka, kai kuma sai ka ji kamar dole ka ƙara wani abu. A nan ake kwafsawa: mutum ya shiga labarin asibiti, da kuɗin gashin ƙashi, da ɗan'uwan da ya ƙi taimakawa, har murya ta fara rawa. Ciwon Baba sirrin gidanku ne, "rashin lafiya" ya wadatar. Ka ɗora hannuwanka a kan fayil ɗinka, ka jira tambaya ta gaba. Kuma kada ka buɗe da ban haƙuri ko "abin takaici", don ba laifi ka aikata ba.

In ya sake matsawa a kan kora, kada ka nuna ɓacin rai, kada kuma ka hau rantsuwa. Ka ce, "A'a, ranka ya daɗe, ni na ajiye. Tsohon shugaban sashena ya yarda a tuntuɓe shi, ga lambarsa." Amma fa ka kira shi tun kafin ranar, ka nemi izininsa, ka tuna masa shekarun da kuka yi tare. Ba abin da ke ɓata shaida kamar a buga wa mutum waya ya ce, "Wane ne kuma wannan?" In takardar amincewa da ajiye aikin ta ɓata, ka koma kamfanin ka roƙi 'yar wasiƙar da ke nuna muƙaminka da ranar farawa da ranar bari. Masu karatu da aka rage su daga aiki lokacin korona, ko ma aka sallame su, su ma su faɗa da bakinsu a jimla ɗaya, ba tare da zagin tsohon ubangida ba.

Wani zai ce, "Duk gidanku ba mai jinya sai kai?" Tambaya ce mai zafi, kuma sau da yawa ana yin ta ne don a ga yadda kake in an taɓa ka. Ka ce kun zauna da 'yan'uwa kun yanke haka, kuma ba ka da-na-sani. Shi ke nan.

Inda nake so ka fi kashe lokaci shi ne batun sanyin hannu, don a nan shakkar mai tambaya tana da tushe. Wata uku bayan tafiyarka, a Yuni 2021, hukumar tara haraji ta tarayya ta koma karɓar bayanan haraji ta manhajar TaxPro Max, wato ba ka taɓa aiki da ita a ofis ba. A Yuni 2025 kuma aka sa hannu a sababbin dokokin haraji masu fara aiki daga Janairu 2026, har hukumar ta canja suna. In aka tambaye ka ka yi zuru, zargin ya tabbata. Ka samu abokin sana'a da ke bakin aiki ka zauna kusa da shi ranar da yake shigar da harajin VAT na wata, ka ga matakan da idonka. Ka karanta abin da ya canja a dokokin. In kana da rajista da ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ANAN, ka biya bashin kuɗin shekara, ka halarci kwas ko da guda ne, ka riƙe shaidarsa. Abin da ba ka yi da hannunka ba kada ka ce ka yi, ka ce, "Na ga yadda ake yi, na san matakan, amma ban shigar da kaina ba tukuna." Masu ɗaukar akanta suna jin daɗin mutumin da ya san iyakar saninsa.

Aikin shagon yayanka kuma kada ka rena shi, kada ka kumbura shi. In ka rubuta "babban manajan kuɗi", tambaya biyu za su fasa ƙwan. Ka faɗi cewa na yayanka ne, sannan ka kawo abu ɗaya da ka gyara, misali ka ɗauke bashin 'yan sari daga littafin hannu ka mai da shi Excel, har aka san wanda ya wuce kwana talatin bai biya ba.

A takardar tarihin aikinka ma kada ka bar wurin fayau. Ka sa layi biyu: "Afrilu 2021 zuwa farkon 2024, jinyar mahaifi", sai "2024 zuwa yau, riƙe lissafin shagon yadi, Kano", da ainihin watannin. Wanda ya kira ka bayan ya karanta wannan ya riga ya san da giɓin. Kafin ranar, ka sa yayanka ya zauna a matsayin mai tambaya, ya jefo maka maganar korar da kakkausar murya, ka yi ta amsawa har ka ji kana ambaton rasuwar Baba numfashinka bai sarƙe ba. Allah ya ba da sa'a.