Lambar rasit da ke juyewa idan ta biyo bayan Larabci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wa wata Islamiyya manhajar karɓar kuɗin makaranta a nan Jos. A shafin Larabci, lambar rasit 2024-0147 tana fitowa 0147-2024, alamar ₦ kuma ta koma bayan kuɗin, amma 8:30 da 5,000 lafiya ƙalau. Na sa dir="rtl" bai gyaru ba. In riƙa juya lambar da kaina kafin in nuna ta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka juya komai da hannunka. Abin da ke ajiye a ma'ajiyar bayananka daidai yake, wurin zana shi a allo ne ake sake jera shi. In ka juya, ranar da aka kwafi lambar zuwa wajen bincike, ko aka buɗe shafin Hausa, juyayyiyar za a gani, kuma a lokacin ta lalace da gaske.

Mai jerawar wata ƙa'ida ce ta Yunikod, lambarta UAX #9, wadda burauza da wayoyi suke bi wajen tsara rubutun da ya haɗa dama da hagu. A wurinta haruffa ne kaɗai masu ƙarfi: baƙin Larabci ya san daga dama yake tafiya, harafin boko ya san daga hagu. Lambobi raunana ne, sarari da yawancin alamomi kuma 'yan ba-ruwanmu, duk inda maƙwabta suka karkata nan suke bi.

Mu bi rasit ɗinka a hankali. Lambobin 0 zuwa 9 da muka saba, ƙa'idar tana kiransu EN. Amma kafin ta yi komai da lamba sai ta waiwaya ta ga wane harafi mai ƙarfi ne na ƙarshe kafin ita. In baƙin Larabci ne, sai ta sauya mata aji zuwa AN, wato ta ɗauke ta kamar lambar Larabawa, ko da yake siffarta a allo ba ta canja ba. A nan matsalar take. Karan tsakiya yana manne lambobi biyu su zama abu ɗaya ne kawai idan dukansu EN ne. Tunda 2024 da 0147 sun zama AN, karan ya tashi daga manni ya koma ɗan ba-ruwanmu, ɗan ba-ruwanmu kuma da ya faɗo tsakanin lambobi biyu irin waɗannan, dama yake bi. Sai aka samu guntaye uku ana jera su daga dama: 2024, kara, 0147. Kowane guntu a cikinsa daga hagu ake karanta shi, shi ya sa ba ka ga 4202 ba. Ma'ajin makaranta dai da ya duba allo 0147-2024 zai gani, shi zai rubuta a littafi.

Ɗigo biyu da waƙafi da aya da karan tsaye na kwanan wata ajinsu daban ne, CS, su suna manne lambobi ko EN ne ko AN. Abin da ya tsirar da 8:30 da 5,000 ke nan, kuma 12/05/2024 ma zai tsira, alhali 12-05-2024 zai juye. Alamar naira kuwa lambar EN kaɗai take rungumar ta. Da lambar ta zama AN sai ta bar ta, alamar ta bi dama, ka ga 5,000₦. Lambar waya mai sarari tsakanin rukunoninta ma haka take wargajewa, ita ce ma ta fi cutarwa don ba mai lura sai an kira ba ta shiga ba.

Ka ga dalilin da dir="rtl" bai taɓa komai ba. Shi alƙiblar sakin layi gaba ɗaya yake saitawa, kuma kana buƙatarsa, kada ka cire. Amma ko a sakin layin boko, muddin baƙin Larabci ne ya gabaci lambar, wannan juyin zai faru. Rubutun Ajami ma bai tsira ba, baƙaƙensa aji ɗaya suke da na Larabci.

Maganin shi ne ka killace lambar, ka hana ta ganin baƙin da ke bayanta. Tun Yunikod 6.3 na shekarar 2013 akwai haruffa marasa siffa da aka yi don haka: U+2066 yana buɗe killacen da ke tafiya daga hagu, U+2069 yana rufewa.

```js
const ltr = s => "\u2066" + s + "\u2069";
const take = "رقم الإيصال";
const layi = take + ": " + ltr("2024-0147");
```

A cikin killacen, lambar ta waiwaya ba ta ga Larabci ba, ta zauna a EN, karan ya manne ta. Daga waje kuma ana kallon killacen duka kamar alama guda, don haka bai ja kalmomin gefensa ba. Kuɗin ma haka: ka sa ₦ a cikin killacen tare da 5,000, ba a wajensa ba. Na sha ganin wanda ya killace lambar ya bar alamar a waje, ya dawo yana cewa maganin bai yi ba.

In shafin yanar gizo ne, na fi son a bar waɗannan haruffan a yi da alamar shafi, domin ba abin da ke shiga cikin rubutun kansa:

```html
<bdi dir="ltr">₦5,000</bdi>
```

Sunan ɗalibi lamarinsa daban, tunda ba ka san ko da boko iyaye suka rubuta ko da Larabci ba. Nan sai U+2068, ko <bdi> ba tare da dir ba, wanda ke duba harafi mai ƙarfi na farko ya ɗauki alƙiblarsa. Yana kuskure idan sunan Larabci ya fara da harafin boko, amma ya fi a bar suna a sake ya ja lambar ajin da ke gabansa.

Sai ka kiyaye inda kake sa killacen. A matakin ƙarshe ake sa shi, daidai lokacin haɗa jimlar da za a nuna. Kada ya shiga ma'ajiyar bayanai. In ya shiga, lambar da ido ke gani haruffa 9 za ta zama 11, a nemi 2024-0147 a ce babu, alhali ga ta ana kallo. In ka yi zargin haka, auna tsawon rubutun ko ka fitar da lambar kowane harafi, nan take ɓoyayyun za su bayyana. Duk abin da mutum ya liƙa a akwatin bincike ma ka tace shi, don masu kwafi daga allo suna kwasowa da su. A cikin kod kuma kullum ka rubuta su da \u2066, kada ka liƙa harafin kansa, domin wanda zai gaji aikin ba zai gan shi ba.

Wajen gwaji kada ka yarda da abin da editanka ya nuna, shi ma wannan ƙa'idar yake bi, wani ma rabinta. Ka gwada a wayar da malaman za su riƙe, har da tsofaffi, don waɗanda ba su san killacen 2013 ba sukan zana ɗan akwati a wurinsa. Ga irinsu, sanya U+200E gab da lambar yana aiki: harafi ne na hagu marar siffa, lambar ta waiwaya ta gan shi maimakon Larabcin. Ka yi gwajin da lambar da gefenta biyu ba su yi kama ba, in ka gwada da 11-11 ba za ka ga komai ba.

In kuma rasit ɗin zai fita ta ƙaramar firintar nan mai takardar zafi, da yawansu ba sa jera dama da hagu, ba sa ma haɗa baƙaƙen Larabci. Ka zana rasit ɗin ya zama hoto a wayar, inda jerin ya riga ya daidaita, sannan ka tura wa firintar hoton.