Sun ce albashi ba ya motsi, to me zan nema?

Assalamu alaikum Anti. Ni akanta ce, na haura shekara goma ina aiki. Wani kamfani a Kakuri, cikin Kaduna, ya ba ni muƙamin shugabar sashen kuɗi a kan naira 600,000 a wata. Na nemi 700,000, suka ce iyakar matakin ke nan, amma "za a duba nan gaba". Takardar ta ce wata shida na gwaji, hutu kwana 15. A Kawo nake zaune, ina da yara 'yan makaranta, akwai kwas ɗin da nake son yi, kuma ina da niyyar Hajji baɗi. Maigida ya ce in sa hannu kada su ɗauke ni mai kwaɗayi. Anti, in sake buɗe baki ko in karɓa haka?

Ƙanwarki daga Kawo

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kada ki sa hannu tukuna. Ki gaya wa maigida cewa kamfanin da zai damƙa miki asusunsa ba zai ji haushi don kin karanta takarda da idon akanta ba, ai abin da suka ɗauke ki ki riƙa yi musu ke nan.

Akwai abin da manyan ma'aikata da yawa ba su sani ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya, inda take fayyace waye ma'aikaci, ta cire masu aikin gudanarwa da shugabanci da na ƙwararru. Ke kina cikin waɗanda aka cire. Ko ga waɗanda dokar ta rufa wa asiri ma, hutun shekara da ta wajabta kwana shida ne kacal na aiki bayan wata 12. Saboda haka in saɓani ya kai ku Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, abin da alƙali zai fara tambaya shi ne takardarki ta ɗaukar aiki da littafin ƙa'idojin kamfanin. Alkawarin da manaja ya yi miki da baki yana murmushi, ranar da aka yi masa canji zai tafi da abinsa.

Shi ya sa "za a duba nan gaba" ita ce inda za ki fi tsayawa. Ki fara da tambaya ɗaya: a wane wata kamfanin yake ƙarin albashi, kuma wa ya cancanta? Da yawa suna yi sau ɗaya a shekara, kuma sai wanda ya cika shekara guda. A ce kin fara a Satumba, su kuma Janairu suke yi. Janairun farko za a ce ba ki cika shekara ba, sai na gaba. Kin zauna wata 16 a kan 600,000 ke nan, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. In kuwa aka ɗaura dubawar a ƙarshen gwaji, wato farkon Maris, kika koma 700,000 daga nan, wata goma na tsakani kaɗai naira miliyan ɗaya ce. Ga kuma fansho, tunda kashi 10 da kamfani ke zuba miki a ƙarƙashin dokar 2014 yana bin albashin ne, idan ya tashi shi ma ya tashi.

Amma rana kaɗai ba ta isa ba. "Za a duba albashi a Maris" na iya ƙarewa da an duba an ga babu hali. Jimlar da za a rubuta ta ƙunshi rana, da ma'auni, da adadi. Misali: ranar 1 ga Maris za a tabbatar da ke a rubuce, kuma idan kina rufe lissafin wata cikin kwana bakwai na aiki, kin kuma daidaita bayanan banki da suka taru kafin zuwanki, albashi zai koma 700,000 daga wannan watan. Ki lura ma'aunin ya zama abin da ke hannunki. Kada ki yarda a ɗaura shi da ribar kamfani, domin ba ke kike sayen dizal ba, ba ke kike kawo wuta Kakuri ba. Ki kuma nemi a rubuta cewa in ranar ta wuce ba su zauna ba, ana lissafa ƙarin daga ranar da aka ajiye. Akwai waɗanda ake bari a gwaji har shekara ba a ce sun faɗi ba, ba a ce sun ci ba, don kawai babu wanda ya tuna ya buga takarda.

In suka ce ba za su rubuta adadi ba, ki nemi a rubuta matakin da za ki koma. In wannan ma suka ƙi, to kin gane nauyin alkawarin, sai ki auna aikin a kan 600,000 zalla, kamar ba a taɓa cewa za a duba ba.

Maganar kwas ta fi sauƙi, domin a kamfanoni da yawa kuɗin horo aljihunsa daban da na albashi, kuma waɗanda ke biyan kashi ɗaya na albashin ma'aikatansu ga asusun horar da ma'aikata na gwamnati, wato ITF, suna iya neman a mayar musu da wani ɓangare idan sun horar da ma'aikata. Ki faɗi sunan kwas ɗin da kuɗinsa, ki haɗa da kuɗin shekara na ƙungiyarki, ICAN ce ko ANAN. Abin tsoron shi ne takardar ɗauri da za su miƙo miki, cewa in kin tafi kafin shekara biyu za ki biya su. Wannan ba zalunci ba ne, sai dai ki dage bashin ya riƙa raguwa wata-wata. Kwas na miliyan 1.2 a kan wata 24, kowane wata yana cinye 50,000, in kin tafi bayan wata 18 sai ki biya 300,000. A kuma rubuta cewa in su suka sallame ki, babu bashi a kanki.

Hajji kuwa, ki faɗa musu yanzu. Tafiya ta hannun hukumar alhazai takan ci kusan wata guda ko fiye, kuma kwana 15 na aiki mako uku ne kawai. Ki nemi kwana 20, ko a amince miki da hutun shekara haɗe da wasu kwanaki ba biya, a kuma rubuta cewa ba zai taɓa ƙarinki ba. Za su so jin wa zai riƙe sashen, musamman in tafiyar ta haɗu da zuwan masu binciken kuɗi, don haka ki je da amsar a bakinki.

Lokacin shiga da tashi ni ban so ki sa shi gaba ba. Na san ketare gari daga Kawo zuwa Kakuri da safe bayan ajiye yara ba wasa ba ne, amma shugabar kuɗi da ta fara da neman aiki daga gida kafin a san hannunta takan bar shakka a zuciyar masu kamfani. Ki nemi abu ƙarami mai suna: shiga ƙarfe tara tashi shida, ban da makon rufe lissafi.

Duk wannan ki aika a imel guda, kada ki riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya, yau hutu gobe kwas, wannan shi ke gajiyar da mutane har su fara kiran na biyu a jerinsu. Ki buɗe da cewa kin amince da 600,000 a matsayin mafari, kuma a shirye kike ki sa hannu a wannan makon idan an shigar da abubuwan nan. Ki sa ranar dubawa a sama, ki shirya sakin lokacin shiga in sun nemi ki saki wani abu. Kuma sai gyararriyar takarda mai sa hannunsu ta shigo hannunki sannan ki miƙa takardar ajiye aiki a inda kike yanzu, bayan kin duba wa'adin sanarwar da suke binki, don ranar farawarki ta dace da shi.

Allah Ya sa alheri ne, Ya kuma ba ki ikon sauke farali.

Antinki