Hukuncin gaisuwa a wasiƙar da ba a san wanda zai karanta ta ba

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, ina son in rubuta wa wani ofishi takardar neman a duba maganar rumfata. An ba ni sunan ofishin kawai, ban san mai riƙe da shi ba, ko namiji ne ko mace, ko musulmi ne ko a'a. Shin in buɗe da sallama, kuma da wane laƙabi zan kira shi?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Rashin sanin mutum ba ya hana yi masa sallama. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa an tambayi Manzon Allah (SAW) wane Musulunci ne ya fi alheri, sai ya ambaci ciyar da abinci da yin sallama ga wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Rubutu kuwa yana tsayawa a matsayin magana, shi ya sa malamai suka ce wanda sallama ta iske shi a takarda ya wajaba ya amsa.

Maganar namiji ko mace ba ta da wuya, domin lafazin "Assalamu alaikum" na jam'i ne, kuma da shi ake gaida mutum ɗaya, namiji ko mace. Sai ka bi wannan hanyar a sauran wasiƙar, ka riƙa cewa "ina roƙonku" da "ofishinku", ka bar "ranka ya daɗe" ko "ranki ya daɗe" ka ce "Allah ya ƙara muku lafiya". A wurinmu ma kiran babba da "ku" girmamawa ce.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne maganar addini. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira hanin fara yi wa Yahudu da Nasara sallama, kuma a kan haka mafi yawan malamai suke, har da malamanmu na Malikiyya, duk da cewa an samu wasu magabata da suka yi rangwame idan akwai buƙata. Sai dai hanin yana kan wanda ka tabbatar da addininsa, kai kuwa ba ka tabbatar ba. Takardar ofis tana bi ta hannun masinja da magatakarda kafin ta kai teburin shugaba, saboda haka ta fi kama da majalisin da hadisin Usama ɗan Zaidu ya ambata, wanda ya haɗa musulmi da mushirikai da Yahudu, Annabi (SAW) ya wuce ya yi musu sallama. Abin da nake gani shi ne ka yi aiki da rinjayen zato. Idan wuri ne kamar cikin birnin Zazzau, inda galibi musulmi ne, ka rubuta sallama cikakkiya. Idan wuri ne mai gauraye kamar Sabon Gari ko Samaru, sallamar ta halatta da niyyar musulmin da ke ciki, kuma in ka ce "Barka da aiki" ko "Bayan gaisuwa mai yawa" babu laifi, domin Allah ya umarce mu a aya ta 83 ta Suratul Baƙara da mu faɗa wa mutane kyakkyawar magana. Kada ka dogara da suna ko da an ba ka shi, domin a Wusasa akwai Hausawa Kirista masu irin sunayenmu.

Laƙabi kuwa ba a ƙirƙira shi. Alhaji da Hajiya da Dakta da Injiniya duk labari ne kake bayarwa game da mutum, kuma bai dace musulmi ya ba da labarin abin da bai sani ba don neman biyan buƙata. Dubi wasiƙar Annabi (SAW) zuwa ga Hiraƙal, inda ya kira shi "babban Rumawa", wato matsayin da yake da shi a gaskiya cikin mutanensa. Kai ma ka kira kujerar da ka tabbatar da ita. Ka rubuta "Zuwa ga Shugaban Sashe", ka sa sunan ofishin a ƙasa, sannan ka ce: "Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne ina roƙon ku duba maganar rumfata." Idan amsa ta zo da suna da muƙami, wasiƙa ta biyu sai ka kira shi ko ita da su.

In kuma ka riga ka aika da "Malam" ta faɗa hannun mace, babu zunubi a kanka, sai dai ka gyara a gaba. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab, wadda ta yi magana a kan waɗanda ba a san iyayensu ba, ta ɗauke laifi daga abin da aka yi bisa kuskure, ta bar shi a kan abin da zukata suka yi da gangan. Allah ne mafi sani.