Godiya ga mai gida da alƙawarin biyan kuɗin haya

Tambaya: "Jama'a, wata biyu ke nan ban biya kuɗin haya ba, mai gidan kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yaya zan gode masa, in kuma yi masa alƙawarin da zai gamsu da shi?"

Ɗan'uwa, na daɗe ina zaman haya, daga baya kuma na riƙa karɓar wa wani dattijo kuɗin gidajensa, saboda haka na ga lamarin ta kowane ɓangare. Godiya jimla ɗaya ko biyu ta wadatar, domin idan ta yi tsawo, mai gida yakan ɗauka shimfiɗa ake yi masa don a nemi ƙarin lokaci. Abin da idonsa yake nema a cikin saƙon shi ne rana da adadi.

Kafin ka yanka rana, ka duba lokacin da kuɗin zai shigo hannunka da gaske. Idan albashinka yakan shigo ranar 28 ga wata amma wani lokaci yana jinkiri, to ka ce ranar 5 ga watan gobe, domin mai gida ya fi jure wa rana mai nisa da aka cika a kan rana ta kusa da aka saɓa. Kada kuma ka manta cewa kuɗin sabon wata zai riske ka a tsakani. A nan ne masu haya da yawa suke tuntuɓe, su biya tsohon bashi suna ɗaukar sabo.

Idan kana da wani abu a hannu, ko da rabin kuɗin wata ɗaya ne, ka fara biya kafin ka yi magana. Daga nan sai ka rubuta masa kamar haka:

"Ranka ya daɗe, ina godiya da haƙurin da ka yi da ni a kan kuɗin hayar watan Maris da Afrilu, Allah ya saka da alheri. Yau na tura rabin na Maris. In Allah ya yarda, ranar 5 ga Mayu zan cika na Maris tare da na Mayu, sannan ranar 5 ga Yuni in biya na Afrilu tare da na Yuni. Idan wannan tsari bai yi maka ba, ina sauraron abin da ka gani."

Ka fara zuwa ka gaishe shi ido da ido, saƙon ya biyo baya don ya zama shaida, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasit da ya nuna na wane wata ne. Idan ka hango ranar ba za ta yiwu ba, ka sanar da shi kwana uku kafin ta zo, ka kai abin da ya samu, kada ka bari shi ne zai fara kiranka a waya.