In na soke rajistar jarida bayan garaɓasa ta ƙare, shin na ci amana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni malamin makaranta ne a nan Jekadafari, Gombe. Na yi rajistar wata jarida ta intanet da katina, naira 1,000 duk wata har wata uku, kuma gaskiya tun farko niyyata in garaɓasar ta ƙare in gudu. To sai na manta, ranar Asabar kawai na ji alat sun zare 6,500. Abokina ya ce in je banki in ce ban san da cirewar ba za a dawo min da kuɗina. Ya halatta? Kuma sokewar ba cin amana ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sokewa halal ce ɗan'uwa, ko da da wannan niyyar ka shiga. Irin wannan ciniki babin haya yake shiga, amfanin karatu ka biya na wani lokaci, kuma malamanmu na Malikiyya sun raba haya biyu. Akwai wajiba, wadda aka yanka mata wa'adi, a ce shekara kaza kuɗi kaza, wannan ta ɗaure kowa. Akwai kuma mushahara, wato a ce duk wata kaza ba a faɗi ƙarshe ba, ita kuwa Shehu Halil a littafinsa Muhtasar ya ce ba ta lazimtar ɗayansu sai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Kamar mai shago ne a Tashar Dukku da yake biya wata-wata, in watan da ya biya ya cika ya miƙa makulli ba wanda zai ce ya ci amana. Su ma masu jaridar da kansu suka sa wurin sokewa, sun san wasu za su tafi, lissafin kasuwarsu ne.

Amma fa ka duba wacce ka shiga, don nan mutane ke faɗawa. Wani tsarin na shekara ne ana karɓa kashi-kashi duk wata, in shi ne to wajiba ce, sauran watannin suna wuyanka sai in sharaɗinsu ya ba ka ƙofar fita, Allah ya ce ku cika alƙawura a farkon Suratul Ma'ida.

Sai 6,500 ɗin. Koma imel ɗin da suka turo maka ranar rajista. In an rubuta a fili cewa bayan wata uku kuɗin zai koma 6,500 kuma zai riƙa sabunta kansa, ka danna ka yarda, to kuɗin nan nasu ne, mantuwarka ba ta warware sharaɗi, musulmi suna kan sharuɗɗansu kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawud da Tirmizi. Shawarar abokinka kuwa ƙarya ce tsagwaronta, ka san da cirewar tunda kai ka sa lambar katin da hannunka, kuɗin da aka karɓo da ƙarya haram ne ko da bankin ya yarda. Abin da ya rage maka shi ne ka rubuta musu ka ce mantuwa ka yi, a taimaka a dawo maka, wannan shi ake kira iƙala, in sun yi sun kyauta in sun ƙi ba su zalunce ka ba, sai ka karanci jaridarka har watan ya cika tunda ka biya.

In kuwa ba a faɗi sabon farashin ba sam, ko an ce 4,000 aka cire 6,500, to ba yarda a nan, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta sa yarda sharaɗi a ciniki, kuma farashin da ba a sani ba garari ne, wato ciniki cikin duhu. Ka nemi haƙƙinka wurinsu, in sun yi kunnen ƙashi ka kai ƙara banki da gaskiyar abin da ya faru, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Kuma dan Allah ka soke yadda ya kamata. Goge manhajar daga waya ba sokewa ba ne, kwashe kuɗin asusu ma haka, za su yi ta gwada katin, ranar da albashi ya sauka su ɗauka. In ta Play Store ka biya, danna hotonka a sama, shiga Payments & subscriptions, sai Subscriptions, zaɓi jaridar ka danna Cancel subscription. In a shafinsu ka biya to can za ka soke. Kada ka tsaya sai ka ga ranar da rajistar za ta ƙare a rubuce, ka ɗauki hoton fuskar wayar ka ajiye. Wani lokaci kana cikin sokewa sai su yi maka tayin ragi, karɓa ba komai, su suka bayar.

Abin da ban yarda da shi ba, kuma na san samari na yi, shi ne in garaɓasa ta ƙare a buɗe sabon imel a sake shiga alhali an rubuta ta sababbin masu rajista ce kawai. Wannan algus ne, kuma kasancewar kamfanin ba na musulmi ba ne bai halatta shi ba. Wallahu a'alam.